Yadda za ka gane sharhin gaskiya da na biya in kana zaɓe tsakanin fawa bank guda biyu

Ƙanena sana'ar POS yake yi a bakin titi, daga safe har bayan isha'i wayarsa da na'urar suna aiki, wuta kuma kun san yadda take a unguwanninmu, sai a wuni ba a kawo ba. Watannin baya fawa bank ɗinsa ya mutu, ya turo min hoton guda biyu da ya gani a manhajar sayayya ya ce Yaya don Allah duba min wanne zan ɗauka. Dukkansu 20,000mAh aka rubuta, kamfani daban-daban, bambancin kuɗin ba wani mai yawa ba ne. Ba zan kira sunan kamfanonin ba, mu ce ɗaya baƙi ɗaya fari don kalarsu kenan. Baƙin yana da tauraro 4.8, farin 4.2, shi har ya gama yanke hukunci a ransa baƙin zai saya, tabbaci kawai yake nema daga gare ni. Na ce ya dakata ya ba ni daren nan. Abin da na bi a daren shi zan zayyana muku, kuma ko waya ce ko bulenda ko fitilar sola kake son saya hanyar kusan ɗaya ce, lissafin kayan ne kawai zai canza.

Mataki na farko, kuma wallahi shi ne mutane suka fi tsallakewa: kafin ka karanta sharhi ko ɗaya, ka san iyakar abin da kayan zai iya yi. In ba ka san wannan ba duk abin da aka rubuta sai ka hau kai ka zauna. A fawa bank lissafin ba wuya. Wancan 20,000mAh da suke rubutawa da manyan baƙi ƙarfin batirin ciki ne a kan 3.7V, in ka buga 20,000 × 3.7 ÷ 1,000 zai ba ka 74Wh, wato yawan wutar da batirin yake ɗauka, kuma kamfanin kirki yana rubuta wannan 74Wh ɗin a bayan kayan da ƙananan baƙi. Wayar da batirinta yake 5,000mAh kuma tana cin wajen 19Wh kafin ta cika daga sifili. A takarda kenan sau huɗu saura kaɗan. Amma wutar ba duka take isa wayar ba, sai an ɗaga ta zuwa 5V ko sama da haka ta bi ta wayar caji sannan a sake sauke ta a cikin wayar, a nan wajen kashi ɗaya bisa huɗu ko ma fiye yake tafiya a zafi, shi ya sa kake jin abin yana ɗumi a hannunka. To abin da zai rage sau biyu da rabi ne zuwa uku. Wanda yake jona waya tun tana kashi 20 ko 30 zai iya ƙirga huɗu kuma bai yi ƙarya ba. Amma duk wanda ya rubuta maka cewa ya cika babbar wayarsa sau bakwai ko sau takwas da caji ɗaya, ko dai bai taɓa riƙe kayan ba ko kuma abin da aka ba shi ya rubuta kenan.

Da wannan ma'aunin na shiga sharhin baƙin, kuma tun a shafin farko na ci karo da mutum biyu masu cewa sau takwas. A na farin kuwa wani ya rubuta da Turanci mai kuskure-kuskure cewa yana cika masa waya sau uku saura kaɗan, shi ya zaci zai fi haka, ya ba da tauraro uku. Shi ƙorafi yake yi, amma ni a wajena shaida ce mai kyau ya ba kayan, don abin da ya faɗa daidai yake da abin da 20,000mAh na gaskiya zai yi.

Mataki na biyu, kar ka tsaya a lambar nan ta 4.8 ko 4.2, danna ta ka buɗe wajen da aka jera sanduna biyar, nawa suka ba da biyar, nawa huɗu, har ƙasa. Kayan da mutane na gaske suka saya yawanci za ka ga biyar ta fi yawa, huɗu na bi mata, uku da biyu 'yan kaɗan, sai ɗaya ta ɗan ɗaga saboda wanda abin ya lalace masa shi ya fi zafin zuwa ya rubuta. Abin da ya kamata ya tsayar da kai shi ne ka ga biyar ta cika maƙil, tsakiya wayam babu kowa, sai ɗaya a can ƙasa da mutane masu kuka. Mutane ba haka suke ba, dole a samu wanda zai ce yana da kyau amma yana da nauyi, ko yana da kyau amma wayar cajin da aka haɗo da ita gajera ce. Kuma ka duba mutum nawa ne suka ba da taurarin gaba ɗaya, 5.0 daga mutum shida ba komai ba ne, mai shago da yaransa ma sun isa su haɗa wannan.

Mataki na uku shi ne kwanan wata. Canza jerin ya koma na baya-bayan nan a sama, a yawancin manhajoji za ka ga an rubuta Most recent, don in ka bar shi yadda yake zuwa waɗanda suka fi haske ake turo maka gaba. Sai ka bi ranakun da ido kana sauka. Ciniki na gaske a warwatse yake zuwa, yau ɗaya, jibi biyu, sati ya wuce babu. Sharhin da aka saya kuwa a dunƙule yake sauka kamar an juye buhu, saboda wanda aka ba kwangilar so yake ya gama ya karɓi kuɗinsa. A na baƙin na ga jerin masu tauraro biyar da yawa duk a cikin kwana uku, bayan nan shiru na makonni, sannan waɗanda suka biyo baya ɗai-ɗai yawancinsu biyu ne da ɗaya. Sai dai a yi adalci a nan, lokacin rangwame irin Black Friday na watan Nuwamba ana yin ciniki da yawa a lokaci guda, sharhi ma zai taru bayansa, wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne in tarin ya zo, a gauraye yake da masu yabo da masu ƙorafi, ko kuwa duk bakinsu ɗaya?

Mataki na huɗu, nan ne aikin yake, ka zauna ka karanta da kanka. Ni yadda nake yi, ina ɗaukar guda ashirin na baya-bayan nan daga kowanne, in ɗauko takarda in ja layi biyu. Duk sharhin da bai faɗi komai ba sai Nice product ko Good ko I love it, ba na cewa na ƙarya ne, mutanenmu da yawa haka suke rubutu a gajarce, amma ba na ƙirga shi sam don bai koya min komai ba. Wanda nake ƙirgawa shi ne mai ɗauke da abin da sai wanda ya yi amfani da kayan zai sani: wace waya ya jona, awa nawa abin yake ɗauka kafin ya cika, wata nawa yana hannunsa, a ina ya ba shi haushi. Wata ta rubuta a na farin cewa in ta jona shi da ƙaramar cajarta da daddare sai gari ya waye bai gama cika ba. Wannan ma ƙorafi ne da ya dace da lissafi, 74Wh a kan caja mai 10W dole ya ci awa takwas zuwa goma. Da ta ce awa biyu yake cika da irin wannan cajar da sai in ce batirin ciki bai kai abin da aka rubuta ba.

Shi kuma na biya yana da kamanninsa in ka saba. Yana kiran cikakken sunan kayan har da lambar samfuri kamar mai karanta kwali, alhali mutum na gaske cewa zai yi abin nan ko fawa bank ɗin. Yana jero abubuwan da aka riga aka rubuta a tallar, saurin caji, ƙarfin batir, kyan tsari, da irin jerin da mai kayan ya yi. Ba ya da aibi ko ɗaya. Sau da yawa a ranar da kaya ya iso aka rubuta shi amma yana rantsuwa a kan ƙarko, to yaushe ka gwada ƙarkon? Sannan in ka karanta biyar shida a jere za ka ji kalma ɗaya tana dawowa, har kuskuren rubutu iri ɗaya a ƙarƙashin sunaye daban-daban. In ka yi zargin wata jimla, kwafe ta ka saka a Google tsakanin alamar zance " " ka gani ko za ta fito a ƙarƙashin wani kayan daban. Yanzu kuma da manhajojin da suke rubuta wa mutum rubutu suka yawaita, Turanci mai santsi ba shaidar komai ba ne, dogon sharhi mai tsari wanda ka gama karantawa ba ka ƙaru da ko abu ɗaya ba ni ya fi ba ni tsoro a kan gajere mai kuskure.

Da na gama, a cikin ashirin na baƙin guda huɗu ne kacal suka faɗi wani abu da za a iya kamawa, uku daga ciki kuma magana ɗaya suke yi, bayan wata biyu zuwa uku ya daina riƙe caji, yana nuna ya cika sai ka jona waya ya faɗo. A na farin guda tara na samu, ƙorafinsu nauyi, jinkirin cika, da wayar caji marar ƙwari. To ka ga yanzu ba 4.8 da 4.2 nake kwatantawa ba, matsala da matsala nake kwatantawa. Wayar caji ana sayen wata a ko'ina. Nauyi kuwa a fawa bank ba abin gudu ba ne, 20,000mAh na gaske yawanci yakan kai giram 350 zuwa 450, wanda ka ɗaga ka ji shi sakayau shi ne abin tsoro. Amma batirin da ya mutu a wata uku ba shi da magani, kuɗinka sun tafi. Kuma abin da nake so ka riƙe a nan, ƙorafin mutum ɗaya zai iya zama rashin sa'a ko ma sharrin abokin gasa, don ana sayen sharhin ɓatanci kamar yadda ake sayen na yabo, amma in mutum uku da ba su san juna ba a watanni daban-daban da salon rubutu daban-daban suka faɗi abu ɗaya, to ka yarda.

Kar ka manta ka cire waɗanda ba a kan kayan suke magana ba. Wani tauraro ɗaya zai bayar don mai kawo kaya ya makara, wani biyar zai bayar don an kawo da wuri tun bai buɗe kwali ba. Duk biyun ba ruwansu da ingancin abin.

Mataki na biyar, alamar Verified Purchase da za ka gani a Jumia da Amazon da ire-irensu. Ma'anarta an sayi kayan ta wannan asusun, shi kenan. Tana da amfani, ta fi babu, amma ba ta nufin mutumin da kuɗinsa ya saya. Hanyar da ake bi a zagaye ta sananniya ce, a ce ka yi oda da kanka, ka ba da tauraro biyar, ka turo hoton shaida, a mayar maka da kuɗinka ta bayan fage kayan kuma ya zama naka. Wasu kuma ɗan kati suke sakawa a cikin kwalin, ka ba mu biyar mu ba ka kyauta. Wannan ba zato ba ne, a 2021 Amazon ta kori wasu manyan kamfanonin kayan lantarki daga kasuwarta, irin su Aukey da Mpow da RAVPower, kuma a shekarar Amazon ɗin ta ce ta rufe sunayen kamfanoni wajen 600 na 'yan kasuwar China a kan maganar sayen sharhi. Abin lura, wasu daga cikin kayan nan ba ma marasa kyau ba ne, mutane suna amfani da su lafiya. Wato sharhin biya ba kullum yake nufin kayan jabu ne ba, abin da yake nufi shi ne taurarin sun tashi daga aiki, dole ka nemi shaida a wani wajen. A Amurka ma sai a 2024 hukumar FTC mai kula da harkar kasuwanci ta fitar da ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da sharhin ƙarya kai tsaye, ka ga kenan matsalar ba ƙarama ba ce ko a can.

In a Amazon kake dubawa kana iya danna sunan mai sharhin ka ga sauran abubuwan da ya rubuta, in ka ga a sati ɗaya ya yabi abu goma sha biyar duk tauraro biyar, ka san sana'a ce. Za ka kuma ga wasu an manna musu alamar Vine, waɗannan kyauta aka ba su kayan kuma an faɗa a fili, ba ɓoye-ɓoye, karanta su don bayanin da ke ciki amma ka tuna wanda bai cire kuɗi daga aljihunsa ba ba ya jin zafi kamar kai. A AliExpress kuma ka nemi masu hoto, hoton ma wanda aka ɗauka a kan tabarma ko teburin shago da hasken ɗaki, ba mai farin bango irin na kamfani ba, sannan ka nemi waɗanda suka dawo daga baya suka ƙara bayani bayan sun yi amfani da shi, waɗannan sun fi kowanne daraja a wajena.

Akwai wata dabara kuma da ba kowa ya sani ba. Mai kaya zai ɗauki tsohon shafin wani abu da ya tara taurari, ya canza hoto da suna ya ɗora sabon kaya a kai, ko ya haɗa 10,000mAh da 20,000mAh da 30,000mAh a shafi ɗaya sharhinsu ya cakuɗe. Don haka ka sauka can ƙasa wajen tsofaffin, in ka ga ana yabon abin sauraren kiɗa ko kan caja a shafin fawa bank, taurarin nan aro ne. In an nuna girman da kowa ya saya a gefen sharhinsa, karanta na girman da kake so kawai.

Mataki na shida, bidiyon TikTok da YouTube da Facebook, don gaskiya mu nan ta nan aka fi kama mu, ba ta rubutu ba. Ƙanena ma ashe a bidiyo ya fara ganin baƙin, wani mai mabiya da yawa yana ɗaga shi yana cewa wallahi bai taɓa ganin irinsa ba. Fara da duba ko an rubuta Includes paid promotion ko Paid partnership ko #ad, in akwai to talla ce kuma mutumin ya kyauta da ya faɗa. In babu, duba ko ya ba da lambar rangwame mai sunansa, ko ya ce a bi ta wajen da ya saka a shafinsa a saya, wannan kamasho yake samu a kan duk wanda ya saya. Neman halak ne ba na zarginsa, amma ɗan kamasho ba shi zai gaya maka aibin kaya ba. Sannan ka lura da abin da ya yi a bidiyon, buɗe kwali ya yi yana shafa kayan yana karanta abin da ke jiki, ko kuwa ya jona waya tun daga kashi kaza ya nuna agogo ya dawo ya nuna inda ta kai? Leƙa shafinsa ka gani ko ya taɓa cewa wani abu ba shi da kyau, in duk abin da ya riƙe shi ne na ɗaya a duniya, watan jiya ma haka ya ce a kan na wani kamfanin, to ka san inda ka ajiye maganarsa. In kuma a sati ɗaya ka ga mutum huɗu biyar sun fito da kaya ɗaya da kalmomi kusan iri ɗaya, kamfen ne aka biya. Ni na fi tsayawa a ƙasan bidiyon wajen maganganun mutane, musamman in bidiyon ya kwana biyu, a nan za ka ga mai cewa na saya wata biyu ya kumbura.

Mataki na bakwai, fita daga intanet ɗin gaba ɗaya na minti goma. Ka tambayi mai gyaran waya ko mai cajin waya na unguwarku, in a Kano kake ka leƙa Farm Centre, amma ba wanda yake sayar da ɗaya daga cikin biyun za ka tambaya ba. Kuma kar ka ce wanne ya fi kyau, ce masa Malam wanne aka fi dawo muku da shi, me yake fara lalacewa a jikinsa? Ni da na tambayi wani mai gyara da muka saba, bai ma bari na gama ba ya jawo wata leda a ƙarƙashin benci ya nuna min irin baƙin guda biyu, ɗaya ya kumbura har murfin ya ɗaga. Ya kuma ja hankalina a kan wani abu, cewa sau da yawa kamfanin ba shi da laifi, jabunsa ne ya cika kasuwa, shi ya sa za ka ga kaya ɗaya a wajen wannan mai sayarwa ana yabo a wajen wancan ana zagi. To ka duba sunan mai sayarwar ma da makin da aka ba shi, in akwai shagon kamfanin na kansa a manhajar, wanda ake rubuta wa Official Store, fara da shi ko da ya ɗan fi tsada.

Farin muka saya. Da ya iso na ce wa ƙanena kar ya yar da kwali da rasit, ya kuma duba kwana nawa aka ba shi na mayarwa, don kwanakin ba su da yawa, sau da yawa mako guda ne. A ranar ya duba bayansa ya ga 74Wh a rubuce, ya cika shi taf, ya bar wayarsa ta sauka ƙasa sosai sannan ya jona ba tare da yana latsa ta ba, yana rubuta kashi nawa ta tashi a kowane zagaye har fawa bank ɗin ya mutu. Da muka tara ya ba mu wajen kashi 270, wato sau biyu da rabi da ɗoriya a wayarsa mai 5,000mAh, daidai inda lissafi ya ce. Da bai kai kashi 200 ba da a ranar za mu cike takardar mayarwa. Wayar cajin da aka haɗo da ita kuwa kamar yadda masu sharhin suka faɗa, ba ta yi wata ɗaya ba ta fara sai an murɗa, ya sayi wata. Na ce masa in ya cika wata uku da shi ya koma ya rubuta nasa sharhin, ya faɗi sunan wayarsa da sau nawa yake cika ta da maganar wayar cajin, kuma satin da ya wuce ya rubuta, tauraro huɗu ya ba su.